Wasiƙar da aka mayar wa wanda ake ƙara: nazarin wani lamari a Garwa

Kamfanin da abin ya faru a cikinsa yana dillancin shinkafa da sukari da man girki. A Kamaru yake, hedikwatarsa na Duwala, yana da rassa a Ngawundere da Garwa da Marwa. Ba zan faɗi sunansa ba, haka ma sunayen mutanen. Ni ne mai binciken kuɗi na cikin gida a lokacin, kuma ni aka turo Garwa bayan abu ya riga ya lalace, don haka abin da zan faɗa ina da hannu a cikinsa, har da wurin da muka yi kuskure.

Kayan kamfanin kan zo ta jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, inda layin dogo ya ƙare, daga nan manyan motoci su kwaso su zuwa siton Garwa. Motocin na 'yan kwangila ne. Kowace mota na ɗaukar tan 30, ana biyan sefa 450,000 kuɗin sawu ɗaya, kuma a wata akan yi sawu kamar 30. Dokar kamfani ta ba manajan reshe damar sa hannu shi kaɗai a kan duk biyan da bai kai sefa 500,000 ba. Abin da ya haura haka sai Duwala ta amince.

Wata akawu ce, shekararta shida a reshen, aikinta haɗa takardun rakiyar kaya da takardun neman biya kafin a kai wa manaja. Wata rana wani direba ya zo yana rigima a kan kuɗin sawunsa, sai ta sauka bakin ƙofa ta karɓi littafin maigadi don ta duba ranar da ya shigo. Littafin nan babban littafin rajista ne mai baƙin bango, gefensa duk ya yi jirwayen shayi, kuma Baba maigadi ba ya barin mota ta wuce sai ya rubuta lambarta da lokacin shigarta da biro. Tana dubawa sai ta ga wata mota da aka biya wa sawu biyu a mako guda, alhali sau ɗaya ta shigo. Ta koma baya wata uku, ta sami sawu 12 da aka biya amma babu su a littafin. Dukkansu na ɗan kwangila ɗaya ne, wanda duk ma'aikatan reshen sun san surukin manaja ne.

Dabarar ba ta da wuya. Ana ɗaukar takardar rakiyar kayan da suka riga suka iso, a sake buga ta da ɗan canji a lamba, a nemi kuɗin dako karo na biyu. Kaya ba sa ɓacewa, don haka duk wanda ya ƙirga buhunan sito zai ga lissafi daidai. Kuɗin dako ne kawai ke kumbura, kuma kowane biya yana ƙasa da 500,000, ba ya zuwa gaban kowa a Duwala. Da muka gama bincike daga baya mun sami sawu 44 a cikin wata 11, wato sefa miliyan 19 da dubu 800.

A takarda, kamfanin yana da hanyoyi uku na kai ƙorafi. Ta farko, ma'aikaci ya faɗa wa shugabansa na kusa, shi kuma ya kai wa manajan reshe. Ta biyu, akwatin ƙorafi da ke rataye a baranda, wanda mabuɗinsa ke hannun sakatariyar manaja. Ta uku, adireshin imel na hedikwata da aka manna a allon sanarwa, an rubuta cewa ana karɓar ƙorafi a asirce. Biyun farko duk a teburin manaja suke ƙarewa, kuma shi ake zargi, saboda haka ta zaɓi ta ukun. Ta je wani shagon intanet nesa da unguwarsu, ta buɗe sabon adireshi, ta rubuta wasiƙa ba suna. Ta jera ranakun sawu 12 ɗin, ta ce a gwada su da littafin maigadi.

Imel ɗin nan wani jami'in ofishin kula da ma'aikata ne ke buɗe shi. Ba mugun mutum ba ne, kuma ba shi da wata alaƙa da manajan. Ya yi abin da ya saba yi da kowace takardar da ta shafi reshe: ya tura wa manajan reshen wasiƙar gaba ɗayanta, ya ce ya ba da bayani cikin mako guda. Daga wannan rana babu sauran asiri. Mutum uku kacal ne a reshen ke ganin takardun neman biya, kuma a cikinsu ita kaɗai aka gani riƙe da littafin maigadi. Wannan shi ne abin da nake so duk mai tsara hanyar kai ƙorafi ya gane: cire suna ba ya ɓoye mutum, domin abin da ya sani shi ke nuna ko wane ne. Wasiƙar da ta ce a duba littafin maigadi tamkar ta sa hannu ne.

Manajan bai yi mata faɗa ba, bai ma nuna ya sani ba. Mako na farko aka rufe mata hanyar shiga manhajar lissafi, aka ce gyara ake yi. Mako na biyu ta sami takardar neman bahasi a kan aikin da ya yi jinkiri, aikin da ba za ta iya yi ba sai da manhajar. Bayan kwana goma wata takardar ta biyo, a kan lattin minti ashirin. Sai dakatarwa ta kwana takwas ba albashi, wanda shi ne iyakar abin da sashe na 30 na dokar ƙwadago ta 1992 ya yarda da shi. A ƙarshen Afrilu, tsakiyar zafin Garwa, aka miƙa mata takardar canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin sito a Kusiri, can bakin iyakar Cadi, ga ta da miji da 'ya'ya uku a makaranta. Kowane mataki idan ka ɗauke shi shi kaɗai yana kama da aikin ofis na yau da kullum. Sai ka jera su da kwanan wata, ka sa ranar da aka tura wasiƙar a sama, sannan za ka ga cewa ma'aikaciyar da ta yi shekara shida ba takardar gargaɗi ko ɗaya ta tara huɗu a cikin mako bakwai. Littafin maigadi kuwa an karɓe shi an ba Baba sabo, aka ce tsohon ya cika.

Akwai matsin da ba ya shiga fayil, kuma a wurinmu shi ya fi ciwo. Wani dattijo da ke salla masallaci ɗaya da manajan ya je har zauren mahaifinta bayan la'asar. Ita ta ba ni labarin yadda aka yi, tana bayan labule tana ji. Ya ce: "Alhaji, 'yarka 'yarmu ce. A ja mata kunne. Mutumin nan iyali gare shi, mutane da yawa na ci a ƙarƙashinsa. Wanda ya rufa asirin wani, Allah zai rufa nasa." Mahaifin ya yi shiru, ya ce ya ji. Da dare ya kira ta ya ce: "Uwata, abin da kika rubuta, kin gani da idonki?" Ta ce: "Na gani, Baba." Ya ce: "To kada ki ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da kika gani, kada kuma ki rage." Ban taɓa jin wani lauya ya ba da shawarar da ta fi wannan ba, kuma ta yi daidai da doka. Sashe na 304 na dokar hukunta laifuka yana hukunta wanda ya kai ƙarar ƙarya ga hukuma ko ga shugabannin wurin aiki, sai dai idan ya nuna yana da ƙwaƙƙwaran dalilin gaskata abin da ya faɗa. Wanda ya rubuta "manaja ɓarawo ne" ya ba da ƙofar a juya masa ƙara. Wanda ya rubuta "an biya sawu kaza ranar kaza, babu shi a littafin shiga" yana tsaye a kan abin da za a iya dubawa.

Wakilin ma'aikata na reshen ne ya fara taimaka mata. Doka ta wajabta zaɓen wakilan ma'aikata a duk wurin aikin da ke da ma'aikata 20 zuwa sama, kuma ba a korar wakili sai da izinin sufeton ƙwadago, saboda haka shi yana iya buɗe baki inda ita ba za ta iya ba. Ya sa ta amsa kowace takardar bahasi a rubuce, a taƙaice, ba zagi ba ƙorafi, kuma ta tabbatar an buga mata hatimin karɓa a kan kwafinta. Ya sa ta sayi ƙaramin littafi tana rubuta abin da ya faru kowace rana, da lokaci, da wanda ke wurin. Ya hana ta fitar da ko takarda ɗaya ta kamfani zuwa gida, domin da ta yi haka da manajan ya sami dalilin kora na gaske. Lambobin sawun da ranakunsu ta riga ta rubuta da hannunta, kuma wannan ya isa. Game da canjin wurin aiki, ya sa ta rubuta cewa yarjejeniyar aikinta Garwa ta ambata, tana roƙon a sake dubawa, kuma ta ci gaba da zuwa ofis kullum, don kada a ce ta gudu daga aiki.

Sai suka zauna suka duba abin da doka za ta iya yi mata idan an kore ta, kuma nan ne gwiwar mutum ke sanyi. Dokar ƙwadago ta Kamaru ba ta da wani babi da ya keɓe mai fallasa almundahana da kariya. Kamaru ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci a 2006, kuma sashe na 33 na yarjejeniyar ya yi maganar kare masu kai rahoto, amma cewa ya yi ƙasashe su duba yiwuwar sa hakan a dokokinsu, ba abu ne da ma'aikaciya za ta ɗauka ta kai gaban alƙali ba. Abin da ya rage mata shi ne sashe na 39, na kora ba bisa ƙa'ida ba. Yana da amfani guda: mai kamfani ne zai tabbatar wa kotu cewa dalilin korar halattacce ne. Amma sai an fara zuwa wurin sufeton ƙwadago neman sulhu, idan ya gagara sannan kotu, kuma abin da ake samu a ƙarshe diyya ce, ba komawa aiki ba. Diyyar ba ta gaza albashin wata uku, ba ta kuma wuce albashin wata ɗaya a kan kowace shekarar aiki. Albashinta sefa 180,000 ne, shekara shida, to ko ta yi nasara ɗari bisa ɗari, diyyar ba za ta wuce sefa miliyan 1 da dubu 80 ba. Mutumin da ya ci kusan miliyan 20 ba zai ji tsoron wannan ba, balle ma kamfani ne zai biya, ba shi ba.

Sun yi maganar fita waje ma. CONAC, hukumar yaƙi da cin hanci da aka kafa a 2006, tana da layin kira kyauta, 1517. Da kuɗin gwamnati ne, ko da wani jami'in gwamnati a ciki, da nan ne wurin zuwa. Wannan kuwa dukiyar kamfani mai zaman kansa ce, laifin cin amana ne da jabun takardu, wanda ya fi dacewa mai dukiyar ya kai wa mai gabatar da ƙara. Kuma ko wace hukuma ta karɓi maganar, ba ita za ta hana a tura ta Kusiri ranar Litinin ba. Wani ɗan'uwanta ya ce a watsa takardun a Fesbuk, wakilin ya ce a'a, don hakan zai mayar da ita wadda ake tuhuma da ɓata suna da tona sirrin aiki. Abin da suka yi shi ne neman wanda ke sama da manajan kuma ba ya cin abinci a hannunsa. Ta rubuta wasiƙa ta biyu, wannan karon da sunanta, tunda ɓoyewar ba ta da sauran amfani, zuwa ga shugaban hukumar gudanarwar kamfanin, da kwafi ga mai binciken kuɗi na waje. Kwafin nan shi ya motsa kowa. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka ke bi, mai binciken waje na irin wannan kamfani wajibi ne ya sanar da mai gabatar da ƙara laifin da ya gano a cikin aikinsa. Da zarar takarda ta shiga hannunsa, hedikwata ba ta iya sa ta a aljihun tebur.

A nan aka kira ni. Kafin in hau mota na nemi abu biyu a rubuce daga babban darakta. Na farko, a dakatar da duk wani mataki a kan akawun, canjin wuri ko horo ko tantance aiki, kuma duk takardar da ta shafe ta ta bi ta Duwala. Na biyu, a janye ikon sa hannun manajan a kan biyan kuɗin dako har a gama bincike. An ba ni na farko nan take. Na biyun sai da aka yi kwana huɗu ana ja, domin mutumin ya shekara 14 a kamfanin kuma reshensa ya fi kowane ciniki. Irin wannan jinkirin ba wani abu ba ne illa nauyin ido, kuma a cikinsa ne takardu ke ɓacewa.

Sannan na yi abin da ya kamata a ce an yi tun ranar da wasiƙar farko ta iso. Na zauna a Duwala na raba kuɗin dakon kowane wata da nauyin kayan da suka shiga siton Garwa. Farashin da ke cikin kwangila, sefa 450,000 a kan tan 30, yana ba da sefa 15,000 kowane tan. Abin da reshen ke biya a zahiri ya kai sefa 17,000, domin ana biyan sawu 34 a kan kayan sawu 30. Lissafin nan bai ɗauke ni awa biyu ba, kuma duk alƙaluman suna cikin kwamfutar hedikwata tun tuni. Da jami'in da ya buɗe imel ɗin ya kawo mini shi maimakon ya tura Garwa, da na sanar da binciken kuɗin dako a rassa uku gaba ɗaya, in ce alƙaluma ne suka ja hankalina, wanda kuma gaskiya ne. Da na nemi littafin maigadi a kowane reshe a rana ɗaya. Manajan zai iya zargin wani, amma ba zai sami abin kamawa ba. Rahoton mai fallasa nuni ne ga inda za a haƙa. Shaidar da za a ɗora a tebur dole mai bincike ya samo ta ta wata hanyar da ba ta bi ta kansa ba. Ofishina ne ya kamata ya tsara wa jami'in nan abin da zai yi da irin wannan wasiƙa, kuma ba mu tsara ba. Wannan laifin namu ne.

Tsohon littafin maigadi ba a sake ganinsa ba. Amma reshen Ngawundere yana da nasa rajistar lodi, kuma babu sawu 44 ɗin a cikinta. Sau uku ma an nemi kuɗin sawu biyu na mota ɗaya da tazarar awa huɗu, a kan hanyar da ta haura kilomita 250, da gangaren dutsen nan da mota mai lodi ke saukowa a hankali kamar tana tafiya a kan ƙwai. Na tambayi ma'aikata 11, har da waɗanda ba ruwansu, kowa minti talatin, ita ma minti talatin a tsakiyar jerin, don kada a ce ita ce mai ba ni labari. Doguwar hirarmu a gidan mahaifinta muka yi ta, da mijinta a zaune. Manajan shi na gani a ƙarshe. Na ajiye masa takardun biyan da rajistar Ngawundere, ban ambaci wasiƙa ba, na ba shi kwana uku ya ba da amsa a rubuce. Yana da wannan haƙƙin, kuma korar da aka yi ba a saurari mutum ba tana iya jawo kotu ta sa kamfani ya biya shi diyya.

An kore shi a kan babban laifi, aka soke kwangilar surukin, lauyan kamfani ya shigar da ƙara. An cire takardun bahasi biyun da ta dakatarwar daga fayil ɗinta, aka biya ta albashin kwana takwas, aka soke tafiya Kusiri. Hanyar kai ƙorafi ma an sake ta: yanzu mutum biyu ke buɗe saƙon, ni da wani mamban hukumar gudanarwa, an hana tura wa kowa ainihin rubutun, kuma idan wanda ake zargi manaja ne ko darakta, shugaban hukumar ake sanarwa kai tsaye. Mun ari wa'adin da dokar Tarayyar Turai ta 2019 ta sa, kwana 7 a shaida wa mutum an karɓa, wata 3 a gaya masa inda aka kwana. Na nace a ƙara layin waya da mai jin Fulatanci da Hausa zai ɗauka, domin masu dako da direbobi su suka fi ganin abin da ke faruwa a sito, kuma yawancinsu ba za su zauna rubuta wasiƙa da Faransanci ba.

Abin da ban iya gyarawa ba shi ne zaman ofis. Na sa a riƙa kiranta duk wata har shekara guda ana tambayar yadda ake ciki, kuma a wata na biyar ta ce mini: "Malam, ba wanda ya yi mini komai. Amma in na shiga ɗaki sai a yi shiru." Yaran da manajan ya ɗauka aiki suna nan, wasunsu sun daina cin abinci tare da ita, wata ma ba ta gayyace ta sunan ɗanta ba. Sabon manajan mutumin kirki ne, amma na lura ba ya ba ta wani aiki mai nauyi, kamar mai tsoron abin da za ta gani. Na rubuta a kan hakan, aka mayar mata da haɗa takardun dako, da ƙarin cewa duk ranar Juma'a za a kawo mata littafin maigadi ta sa hannu. Ƙarin girman da ya kamata ta samu a waccan shekarar sai a ta gaba ya zo. Tana nan a reshen har yanzu, shari'ar kuma ba a gama ba.